Iyafis ɗina yana aiki a waya, amma a kwamfuta ɗalibai ba sa jin muryata

MalaminHadda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da yara hadda ta Zoom bayan sallar Isha'i. Da waya nake yi, to allon ya yi mini ƙanƙanta, sai na sayi kwamfutar tebur ta hannu. Iyafis ɗin da nake amfani da shi a waya, mai baki ɗaya, shi na ɗauko na soka a ramin nan kore na gaba. Ina jin yaran tar-tar, amma su ba sa jin ko tarina. Na mayar da shi waya, makirfon yana aiki lafiya lau. Kwana uku ke nan ina kashe kwamfuta ina komawa waya a tsakiyar karatu. Me ya lalace, kwamfutar ko iyafis ɗin?

Sadik_Gyadi: Wa alaikumus salam Malam. Diraba ce. Kwamfutocin nan na hannu in an yi musu sabon Windows ba a cika saka musu dirabar sauti ba. Ka sauke ta Realtek ka saka, ka sake kunnawa.

UmmuAffan: Malam ka duba Settings, sai Privacy, sai Microphone. Ni haka ta faru da ni, ashe a kashe yake, ina kunnawa shi ke nan.

MalaminHadda: Na gode Hajiya, na duba, a kunne yake. Sadik, dirabar ma wani yaro ya saka mini jiya, babu abin da ya sauya. A Zoom ɗin ma wajen zaɓar makirfo babu komai.

InjiniyaBala: Malam, kafin ka ƙara taɓa wani saiti, ɗauki bakin iyafis ɗin ka kai shi kusa da fitila. Za ka ga wasu siraran zobba na roba, baƙaƙe ko farare, sun raba ƙarfen gida-gida. Guda nawa ne? Sannan ramuka nawa ne a gaban kwamfutar, kuma wane launi?

MalaminHadda: Zobba uku ne Injiniya. Ramuka biyu, ɗaya kore mai hoton abin sawa a kunne, ɗaya ruwan hoda mai hoton makirfo. A baya akwai uku, har da shuɗi.

InjiniyaBala: To alhamdulillahi, babu abin da ya lalace. Zobba uku na nufin ƙarfen ya kasu gida huɗu, kuma kowane gida da wayarsa a cikin igiyar. Tsinin can na gaba shi ke kai sauti kunnen hagu. Gida na biyu kunnen dama. Na uku shi ne giraun, hanyar da wutar kowa ke komawa. Na huɗu, wanda ke gindi kusa da robar da kake riƙewa, shi ne makirfo. Haka yawancin iyafis na wayoyin yanzu suke.

Ramin wayarka yana da harsuna huɗu a ciki, kowanne yana jiran gidansa. Koren ramin kwamfutarka kuwa uku gare shi: hagu, dama, giraun. Da ka soka, biyu na farko sun sami abokansu, shi ya sa kake jin yaran. Gidan makirfo kuwa, ko dai ya tsaya bai taɓa komai ba, ko kuma harshen giraun ya hau kansa ya danne shi. Ko wanne ne, babu wata waya da ta tashi daga wannan gida zuwa ɓangaren da ke karɓar murya a cikin kwamfutar. Wannan ɓangaren yana bayan ramin ruwan hoda ne, shi kuma babu abin da aka soka masa, don haka Windows take ganin ba ka da makirfo kwata-kwata.

Sadik, diraba tana sarrafa abin da ya iso ne. Ba za ta ƙera harshe na huɗu a cikin rami ba.

Sadik_Gyadi: Amma Injiniya ni na sha gani a Realtek Audio Console in ka soka abu yana tambayarka me ka soka, har da zaɓin Headset. To ai diraba ce ke yin wannan.

InjiniyaBala: Gaskiyarka, akwai wannan. Sai dai ka tuna a ina ka gan shi. A laftof ne mai rami ɗaya, ko kwamfutar tebur ta baya-bayan nan mai rami ɗaya a gaba, wanda hotonsa yake nuna abin kunne da ɗan sandan makirfo a jiki. Wannan ramin dama harsuna huɗu gare shi, tambayar kawai yake yi ko ya kunna na huɗun. A irin ta Malam, abin da manhajar za ta iya shi ne ta mai da koren ramin gaba ɗaya ya zama na makirfo, a wasu kwamfutocin ma ba ta yarda. In ta yi haka sai ya daina fitar da sauti, kuma har yanzu tsinin zai saurara, ba gindin ba.

Dan_Maradi: Ni ban yarda makirfon ba ya aiki ba. A wajen aikinmu nakan cire shi daga kore in sa a ruwan hoda in zan aika saƙon murya, kuma yana ɗauka. Ƙasa-ƙasa dai yake, sai na ɗaga murya. Ke nan makirfon yana shiga.

InjiniyaBala: Dan_Maradi, na yarda yana ɗauka, amma ba makirfon ba ne yake ɗauka. Gwada wannan ka gaya mana. Soka shi a ruwan hoda, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
mmsys.cpl
```

Shiga Recording, za ka ga Microphone da wani tsani a gefensa da ke cika da kore in sauti ya shiga. Ka fara ƙwanƙwasa ɗan makirfon da ke jikin igiya da farce, ka riƙe igiyar kada ta girgiza 'yan kunnen. Sannan ka ƙwanƙwasa ɗan kunnen hagu.

Dan_Maradi: Ikon Allah. Na makirfo bai motsa ba ko kaɗan. Na kunnen hagu ina taɓawa tsanin yana tashi. Wata shida ina magana a inda ba a ji.

InjiniyaBala: Haka abin yake. Ramin ruwan hoda a tsini yake sauraro, tsinin iyafis kuwa kunnen hagu ne. Ɗan lasifikar da ke ciki maganaɗisu ne da naɗin siririyar waya da 'yar fata. In ka ba shi wuta ya girgiza ya yi sauti, in ka girgiza shi da murya ya haifar da 'yar wuta. Ita ce kwamfutar take ji, shi ya sa take ƙasa-ƙasa. Ban kuma ba da shawarar a riƙa barinsa a nan ba, domin ramin ruwan hoda yana fitar da wuta kaɗan a kullum don ciyar da makirfo, ita kuma lasifika ba ta bukatarta.

Zahra_Kd: Yawwa, tunda ana maganar. Nawa na Bulutut ne, in na haɗa da laftof sauti yana daɗi, amma da zarar an fara kira sai ya koma kamar tsohuwar rediyo. Shi ma zobban ne?

Abba_Network: A'a Anti Zahra, naki ba shi da baki balle zobe. Bulutut in zai buɗe makirfo sai ya sauka zuwa tsarin kira, wanda sautinsa bai kai na sauraron kiɗa ba. Ki zaɓi makirfon laftof ɗin a wajen kiran, ki bar abin kunnen ya yi sauraro kawai. Amma wannan magana ce daban, kada mu ɓatar wa Malam da tasa.

MalaminHadda: Injiniya na fahimta yanzu, Allah Ya ƙara basira. To mene ne mafita? Sai na sayi wani hedifon mai baki biyu?

InjiniyaBala: Ba dole ba. Akwai 'yar igiya da ake ce wa sifilita, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Gefe ɗaya rami ne guda mai harsuna huɗu, nan za ka soka iyafis ɗinka. Ɗaya gefen baki biyu ne, yawanci kore da ruwan hoda, kowanne mai zobba biyu. A cikinta an raba wayoyin: hagu da dama sun tafi kore, makirfo ya tafi ruwan hoda, giraun kuma an kai wa kowanne. Babu batir, babu diraba, waya ce zalla. Ka soka kowane baki a ramin launinsa.

Ka riƙe wannan in za ka kasuwa: rami ɗaya, baki biyu. A kwali wani lokaci za ka ga an rubuta TRRS female to 2 TRS male.

Kamalu77: Kafin ya kashe kuɗi, ni dabarata ita ce in zaro bakin kaɗan, kada ya shige duka. A tsohuwar kwamfutar shagonmu in na tura shi har ƙarshe sautin yana zama kamar daga cikin rijiya, kiɗa yana fita amma muryar mai magana ta ɓace. Ina ɗan zaro shi sai ya gyaru.

Abba_Network: Kamalu wannan sauraro ka gyara, ba makirfo ba. Malam shi yana ji lafiya.

InjiniyaBala: Abba ya faɗi daidai, amma abin da Kamalu ya kawo yana da amfani, domin tushensu ɗaya. Ba duk ramuka masu harsuna uku ne suke ajiye harshen giraun a wuri guda ba. A na Malam ya sauka a kan gida na uku, ko ya haɗe na uku da na huɗu, shi ya sa yake ji sosai. A na Kamalu ya sauka a kan na huɗu kaɗai, wato makirfo. Sai wutar kunnuwan ta rasa hanyar komawa mai kyau, ta riƙa bi daga hagu ta fita ta dama. Abin da ya rage a ji shi ne bambancin da ke tsakanin kunnuwan biyu. Murya kuwa yawanci a tsakiya ake ajiye ta, daidai take a hagu da dama, sai ta share kanta. Kamalu, in iyafis ɗinka yana da maɓallin ɗaga kira, tura shi har ƙarshe ka danne maɓallin. Za ka ji sautin ya dawo cikakke muddin kana danne, saboda maɓallin haɗe makirfo da giraun yake yi.

Kamalu77: Wallahi haka ne, na daɗe da lura da wannan, na ɗauka maɓallin ne ya lalace.

MalaminHadda: Na je Farm Centre ɗazu bayan La'asar na sayo. Amma ga abin da ya ɗaure mini kai: wadda aka ba ni baki ɗaya gare ta mai zobba uku, da ramuka biyu, ɗaya da hoton makirfo. Na soka iyafis a ramin makirfon, na soka bakin a kore, babu komai. Mai shagon ya ce ita ce ta hedifon da makirfo.

Sadik_Gyadi: Ai ita ce Malam, sifilita duk ɗaya ce. Ka sayi 'yan igiyoyin ogziliyari biyu ka jona ramukan nata da na kwamfuta, ka nemi abin haɗa rami da rami a ɗaya gefen.

InjiniyaBala: Sadik, in an bi wayoyin a takarda abin da ka faɗa zai iya yi, in har mahaɗin da zai samu mai harsuna huɗu ne, wanda samunsa ya fi samun sifilitar daidai wuya. Ga mahaɗai uku an ƙara, kowanne wurin shigar ƙara ne. Malam, juyayyiya aka ba ka. Wannan ta wanda yake da hedifon mai baki biyu ce yana so ya sa a laftof ko waya mai rami ɗaya. Kai akasin haka kake nema. Ka mayar, kuma ka tafi da iyafis ɗin a aljihu: wadda iyafis zai shiga ramin ta guda ɗaya, baki biyu su rage a hannunka, ita ce taka.

Akwai ta uku ma da ake yawan miƙo wa mutane, mai baki ɗaya da ramuka biyu duk na kunne, ta mutum biyu su saurari abu ɗaya. Wannan babu hanyar makirfo a cikinta ko ta wane gefe.

UmmuAffan: Ni da Malam zai ji shawarata da ya sayi ɗan abin nan na USB kawai ya huta. Ɗana ya sa wa tamu, sauti ya fi na kwamfutar kyau.

Abba_Network: Hajiya da sharaɗi. Yawancin masu arahar nan su ma ramuka biyu gare su, kore da ruwan hoda, ke nan ya sayi matsalarsa ce a sabon gida, sai ya sake neman sifilita. Sai in ya sami mai rami ɗaya da aka rubuta yana karɓar hedifon mai makirfo. Amfaninsa dai shi ne yana da nasa ɓangaren sauti, bai dogara da na cikin kwamfutar ba.

Baba_Tela: Ku yi haƙuri yara in sa baki. Ni na sayi sifilitar da Injiniya yake faɗi tun bara, rami ɗaya baki biyu, na soka daidai launi, kuma bai yi ba. Sautin ya zama na rijiya irin na Kamalu, makirfo kuma shiru. Iyafis ɗin na tsohuwar Nokia ne, ina son sa don igiyarsa ba ta tsinkewa. Har yau yana nan a aljihun keken ɗinki.

InjiniyaBala: Baba, barka da dare. Naka ba laifin sifilita ba ne. Tsarin jera gidajen nan iri biyu ne. Wanda na faɗa wa Malam ana ce masa CTIA, shi ne na iPhone da kusan duk wayoyin Android na yanzu. Akwai tsoho, OMTP, na Nokia da Sony Ericsson na da. Hagu da dama duk ɗaya suke, amma an musanya biyun ƙarshe: na uku makirfo, gindi giraun. Sifilitar kasuwa kusan duk ta CTIA ce. Da ka soka naka, sai ta ɗauki makirfonka a matsayin giraun, ta aika giraun ɗinka ramin ruwan hoda. A ido ba za ka bambance su ba, duk zobba uku ne.

In akwai mai gyaran waya kusa da kai, ka ce ya sa mita a kan om. Ya ɗora tsinke ɗaya a tsini, ɗayan a gida na uku. In ya nuna ƙaramin adadi, kamar 16 ko 32, na ukun giraun ne, wato CTIA. In ƙaramin adadin sai a gindi ya fito, OMTP ne. Akwai ɗan mahaɗi da ke juya su, an rubuta OMTP to CTIA a jikinsa.

Baba_Tela: Allah Ya yi albarka. Zan ba jikana ya kai gobe.

MaiSoda_Zariya: Na auna nawa yanzu don Baba ya ga yadda lambobin suke fitowa. Tsini da na uku 33. Tsini da na biyu 65, saboda ya ratsa kunnuwan biyu a jere. Na uku da gindi ya haura 1,000, ina danne maɓalli ya faɗo kusan sifiri. CTIA ke nan. Kuma mu a shago in babu mahaɗin, buɗe sifilitar muke mu musanya wayoyi biyu da dalma, aikin minti biyar ne. Sai dai wadda aka narka robarta a jiki ba ta buɗuwa sai an yanka.

MalaminHadda: Alhamdulillahi, mai shagon ya canza mini ba gardama. Yanzu Microphone ya bayyana a Recording, a Zoom ma ya fito, yaran sun ji ni a karatun daren jiya. Sai dai iyayen wata yarinya sun ce muryata tana nisa, kuma akwai wani zuuu a ƙarƙashinta. A hadda wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in yaro bai ji bambancin sin da sad daga bakina ba, kuskure zai haddace.

InjiniyaBala: Madalla. Nisan murya da sauƙi. A Recording ɗin nan ka danna Microphone sau biyu, ka shiga Levels. Ka kai na sama wajen 80 ko 90. Na ƙasa, Microphone Boost, ka sa +10 dB ka gwada, in bai isa ba +20 dB. Kada ka kai +30, domin yana ɗaga ƙarar tare da muryar. Kuma ka tuna makirfon yana rataye ne a ƙirjinka, ka maƙale igiyar a wuyan riga ya matso kusa da baki.

Dalilin da ya sa ya fi ƙarfi a waya shi ne an auna wayar da irin wannan ɗan makirfon. Yana bukatar 'yar wuta, bolt biyu zuwa biyar, kafin ya yi aiki, kuma ramin ruwan hoda ne ke ba shi. Kwamfutoci sun bambanta a yawan abin da suke bayarwa da kuma yadda suke ɗaga sautin. Shi ya sa ma in ka yi kuskure ka soka a shuɗin nan na baya ba za ka ji komai ba, shi ba ya ba da wannan wutar.

Zuuu ɗin kuwa, fara da mayar da bakunan biyu ramukan baya. Na gaba wata doguwar waya ce ke ratsa cikin akwatin ta kai su, tana kwasar ƙara a hanya. Na baya a jikin babban allon suke kai tsaye.

MaiSoda_Zariya: Ni ina ganin ba gaba ko baya ba ne Injiniya, rashin at ne, wato wayar ƙasa. Gidaje nawa ne a nan soket ɗinsu yake da wayar ƙasa ta gaske? Malam ka taɓa ƙarfen bayan kwamfutar da bayan hannu, in ka ji tana ɗan tsikararka to shi ne. Kuma in haka ne ko abin USB ɗin Hajiya ba lallai ya kashe ƙarar ba, tunda giraun ɗinsu ɗaya da akwatin.

Abba_Network: Ko kuma sifilitar ce kanta. Wasu siraran ba su da rigar kariya a kan wayar makirfo. Na taɓa canza guda kawai ƙara ta ɗauke.

Sadik_Gyadi: A Zoom akwai wajen rage hayaniya, ya kai shi High.

UmmuAffan: Sadik, ga mai koyar da karatu ban so wannan ba. Malamar 'ya'yana ta sa shi, sai ya riƙa cinye mata ƙarshen madda da gunna in ta ja su.

MalaminHadda: Na mayar baya, na sa +10 dB. Muryar ta fito sosai, yarinyar ta ce kamar ina ɗakinsu. Ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Abin da na lura shi ne jiya da wutar NEPA kusan babu ita, yau da aka ɗauke muka tada janareta ta dawo da ƙarfi, kuma in na ɗora tafin hannuna a kan akwatin sai ta yi ƙasa. MaiSoda, na taɓa bayan kamar yadda ka ce, akwai ɗan tsikari. Injiniya, wannan aikin mai wayarin ne ko akwai abin da zan gwada kafin karatun Isha'i?

InjiniyaBala: Tsikarin nan kam a kira mai wayarin ya duba wayar ƙasa ta gidan da ta janaretan, kada ka taɓa da kanka, kuma kada yara su riƙa taɓa akwatin ba takalmi. Na daren yau, ka cire firinta da cajar waya da duk abin da ke jone da kwamfutar in ban da allo da madannai, ka duba ko filogin ta mai ƙafa uku ne ba a karya ta ukun ba. Ka gaya mana yadda ta yi a kan janaretan.